Sabulu Ne, Kifi Ne, Ko Ƙazuwa? Gwanintar Masu Karanta Fata

Wanda ƙaiƙayi ya kawo asibiti yakan zo da mai laifinsa a baki. Kafin ya gama zama zai ce tun da ya canza sabulu abin ya fara, ko kuwa tun ranar da ya ci kifi a gidan biki. Sabon shiga aikin lafiya yakan karɓi wannan bayani yadda aka kawo shi, ya rubuta maganin alaji, ya ce a daina sabulun, mai bi ya shigo. Gogaggen ma'aikaci ba ya musa wa mara lafiya, amma kuma ba ya gaggawar yarda. Ya san mutum na canza sabulu sau da yawa a shekara, yana cin sabon abinci kusan kowane mako, don haka duk ranar da ƙuraje suka feso ba za a rasa wani sabon abu da za a ɗora wa laifi ba.

Wannan gwaninta tana burge ni, kuma ba a wajen likitocin fata na manyan asibitoci kaɗai take ba. Akwai ta a wajen tsofaffin nas-nas da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci, waɗanda ba su da ɗakin gwaji, kayan aikinsu ido ne da hasken taga da biro. Abubuwa uku suke nema kafin su buɗe baki su ambaci magani: yaushe abin ya fara, a ina yake zaune a jiki, kuma waye kuma ke susa a gida.

Mafi yawan ƙurajen da sabulu ke kawowa ba alaji ba ne, cin fata ne kawai. Saman fatar mutum yana da ɗan maiƙo da ɗan tsami da ke riƙe ruwa a ciki, su kuma hana abin waje kutsawa. A ma'aunin tsami fata tana kusa da 5.5, sabulun wanka na gama-gari kuwa yana tsakanin 9 da 10, wato can ɓangaren kanwa. Idan sabulun haɗin gida ne da aka cika wa soda, ko omo ne ake tsoma hannu a ciki safe da yamma, sai maiƙon nan ya wanke, fata ta bushe, ta yi kaushi, ta tsattsage. Mai wannan matsala idan aka saurare shi da kyau, raɗaɗi yake kuka da shi fiye da ƙaiƙayi. Abin yana tsayawa inda sabulun ya fi taɓawa, kamar bayan hannu da yatsun mai wanki, ko fuska da wuya inda fata ba ta da kauri. Yana ƙaruwa da yawan amfani, yana raguwa idan aka huta, kuma kowa zai iya samunsa idan sabulun ya kai ƙarfi. Da hunturu ya fi tsanani, domin iska ta riga ta busar da fatar. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙurajen da taɓa wani abu ke haddasawa irin wannan ne. Maganinsa ba wuya: a bar abin da ke cin fatar, a rage dirza da soso, a shafa basilin ko man kaɗanya da zarar an fito wanka jiki na da danshi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya kamata a ga sauƙi.

Alaji kuwa iri biyu ne, kuma masu gwanintar ba sa haɗa su, domin agogonsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne na taɓawa. Garkuwar jiki ce ke ƙin wani sinadari, galibi turaren da ke cikin sabulu ko man shafawa, ko ƙarfen nikel na ɗankunne da kan bel, ko rinin da ke cikin baƙin lalle. Jiki sai ya fara sanin abin tukuna, kuma hakan na ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 14 a mafi ƙaranci, wani lokaci shekaru. Bayan nan duk sanda aka sake haɗuwa, ƙuraje kan fito bayan kwana ɗaya zuwa uku, da ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Shi ya sa idan amarya ta zo hannunta ya kumbura daidai da zanen furen da aka yi mata, gwani ba ya tambayar me ta ci, tambayarsa ita ce ko ta taɓa yin baƙin lalle ko rinin gashi a baya. Shi ya sa kuma maganar "ai na daɗe ina amfani da man nan" ba ta wanke man daga zargi. A asibitin da ke da likitan fata akan tabbatar ta hanyar manna sinadarai a baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Na biyun shi ne wanda abinci ke kawowa, abin da muke kira borin jini. Shi gaggawa gare shi. Daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan cin kifi ko gyaɗa ko ƙwai ko madara, sai fata ta tashi rudu-rudu, fale-fale masu faɗi kamar an zane mutum da bulala. Kowane tashi ba ya kwana a wuri guda. Na cinya zai lafa, wani ya ɓullo a baya, kuma inda ya lafa ba ya barin tabo ko ɓawo. A nan biro ke aiki: ma'aikaciya ta zagaye tashi guda da layi, ta ce a duba gobe warhaka. Idan cikin da'irar ya koma lafiyayyar fata kafin awa 24, borin jini ne. Idan yana nan daram, a nemi wani dalili. Don haka ƙurajen da suka yi mako uku suna zaune a wuri ɗaya suna ƙara yaɗuwa, ba kifin da aka ci sau ɗaya a biki ne ya kawo su ba, komai ƙarfin zargin mai su. Ƙwayar setirizin ta miligiram 10 sau ɗaya a rana tana kwantar da borin jini ga babba. Firiton ma na yi, sai dai yana sa barci, bai dace da direba ko ɗan acaɓa ba. Amma idan leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya ɗebi mutum, ba zancen ƙwaya ba ne. Allurar adirenalin a cinya ce ke ceton rai, kuma a guje ake kai mutum asibiti.

Ƙazuwa ce ta fi ruɗa mutane, kuma a kanta ne ake gane wanda ya ƙware. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda macensa ba ta kai rabin milimita ba. Tana haƙa rami a saman fata, tana ajiye ƙwai biyu ko uku kullum. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana uku zuwa huɗu, 'ya'yan su balaga cikin kamar mako biyu. Tun a 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka nuna cewa wannan ƙwaro ne sanadin cutar. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ƙiyasinta shi ne aƙalla mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci.

Abin mamaki, mai ƙazuwa ta gama-gari ba ya ɗauke da ƙwari da yawa, sau tari ba su wuce 10 zuwa 15 ba a duk jikinsa. To me ya sa ƙaiƙayin ke game jiki? Saboda ba cizo ne ke sa shi ba, garkuwar jiki ce ke bore wa ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Jiki kuma yana buƙatar lokaci kafin ya fara wannan bore. Wanda bai taɓa yin ƙazuwa ba yakan yi mako huɗu zuwa shida da ƙwaron a jikinsa bai ji komai ba, alhali yana iya shafa wa wasu. Wanda ya taɓa yi kuwa, kwana ɗaya zuwa huɗu ya isa. Wannan tazara ta makonni ita ce ke sa a manta da ainihin abin da ya faru, a kama sabulun da aka saya shekaranjiya.

A ɗauki misalin matar da ta zo da goyon wata takwas a baya, tana susar wuyan hannu tun a kan benci. Ta ce kwana biyar ke nan da ta sayi wani sabulu mai magani, jikinta ya rikice. Ma'aikaciyar, wadda ta haife ta a shekaru, ta bar ta ta gama, sannan ta yi tambayar da na fi jin daɗinta a duk wannan aiki.

"'Yata, me ya sa kika canza sabulun?"

Matar ta yi ɗan jim. "Dama jikina na ɗan yi mini ƙaiƙayi, Sista, shi ne maƙwabciyata ta ce in gwada wannan."

Ke nan ƙaiƙayi ya riga sabulu zuwa. Daga nan tambayoyin suka bi juna. Yaushe ya fi damun ta? Da dare, da zarar ta kwanta ta rufa, har barci ya gagara. Waye kuma ke susa? Maigida ya fara kwanan nan, jaririn ma yana ta kuka yana goga ƙafafunsa da juna. Akwai wanda ya zo gidan ya kwana wata ɗaya ko biyu da suka wuce? Akwai, ɗanta mai shekara 11 ya dawo hutu daga makarantar kwana kamar mako shida baya, da 'yan ƙuraje a hannu, kuma tabarma ɗaya yake kwana da ƙanwarsa mai shekara shida, ita kuma ƙanwar ba ta rabuwa da jikin uwa.

Sai ma'aikaciyar ta ja matar kusa da taga, ta ware yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa ke damuwa ya duba nan ba, alhali nan ne gidan ƙwaron: tsakanin yatsu, cikin wuyan hannu, gwiwar hannu, gaban hammata, kewayen cibiya, inda zani ke ɗaurewa a ƙugu, kewayen kan nono ga mace, al'aura ga namiji, da ƙasan mazaunai. Fuska da kai galibi ba sa kamuwa ga babba. A gefen yatsa ta ga wani ɗan layi siriri mai lanƙwasa, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ta goga tawadar biro a wurin, ta share da audugar da aka jiƙa da sifirit. Tawadar sama ta fita, ta cikin ramin ta tsaya, layin ya fito sarai. Ta kwance goyon, ta duba tafin ƙafa da tafin hannun jaririn, ta ga ƙuraje masu ruwa, ta duba fatar kansa. A jarirai ƙazuwa na zuwa waɗannan wurare da take ƙyalewa a jikin manya.

Amma ba ta wanke sabulun daga zargi gaba ɗaya ba, kuma nan ne ƙwarewar ta ƙara fitowa. Damtsen matar da wuyanta sun bushe sun yi fari-fari, suna raɗaɗi, domin sau uku a rana take dirza da soso da sabulun nan, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta da take ɗigawa a ruwan wanka. Cuta biyu ce a fata ɗaya: ƙazuwa a ƙasa, cin sabulu a sama. Wanda ya ga ta saman kaɗai zai ce a daina sabulu, matar ta ɗan ji sauƙi, gida ya ci gaba da susa. Wanda ya ga ta ƙasan kaɗai zai iya ba ta magani mai zafi ta shafa a fatar da ta riga ta tsage, ta sha azaba daren farko ta jefar da kwalbar.

Da za ta faɗi sunan cutar sai ta rage murya, domin ta san kunyar da ke tattare da ita. Ta ce mata ba ƙazanta ce ke kawo ta ba, wanka kuma ba ya korar ta, haɗuwar jiki da jiki na tsawon lokaci ce hanyarta, irin ta masu kwana shimfiɗa ɗaya da uwa mai goyo. Gaisawa da hannu ba ta cika isa ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani masani, Kenneth Mellanby, ya gwada haka a Sheffield ta Ingila da masu sa kai, ya gano cewa kamuwa ta hanyar tufafi da kayan kwanciya kaɗai ba ta cika faruwa ba. Abin da wannan ke koyarwa shi ne a fi ba mutanen gida ƙarfi a kan wanki.

Ta zaɓi man fametirin mai ƙarfin kashi 5, saboda ba ya zafi sosai kuma ana shafa wa jariri daga wata biyu. Sannan ta yi lissafi da matar a kan takarda. Babba yana cin bututu guda mai giram 30 a shafi ɗaya. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 rabin bututu. Jaririn ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas. Uwa da uba bututu biyu, yara biyu bututu ɗaya, ga na jariri, kuma za a maimaita bayan kwana bakwai, don haka gidan na buƙatar bututu bakwai, ba guda ɗayan da aka saba saya a kemis a yi ta lakuta a kan ƙuraje ba. Dalilin maimaitawa shi ne ƙwai kan tsira a shafin farko, sai a jira ya ƙyanƙyashe a gama da 'ya'yan kafin su fara nasu ƙwan.

Yadda ake shafawa ya fi sunan maganin muhimmanci, kuma ta tsaya ta nuna a hannunta. Dare ɗaya kowa zai shafa, har wanda bai fara susa ba. Jiki ya kasance a bushe, ba da ɗumin wanka ba. Daga wuya har tafin ƙafa, ba a tsallake ko'ina: tsakanin yatsun hannu da na ƙafa, cikin cibiya, matsematsi, bayan da hannu ba ya kaiwa sai wani ya taimaka. A yanke farce a cusa man ƙarƙashinsa. Ga jariri a haɗa da kai da bayan kunne da fuska, a kauce wa ido da baki, a sa masa safa a hannu kada ya tsotsa. Mai shayarwa ta wanke nono kafin ta ba da, ta sake shafawa bayan ya gama. A bar shi awa 8 zuwa 14, wato daga bayan isha'i zuwa hantsi. Kuma duk wanda ya wanke hannu ko ya yi alwalar asuba kafin lokaci ya cika, ya mayar da man a inda ruwa ya taɓa. Wannan ƙaramin bayani na alwala, wanda ba ya cikin takardar da ke kwalin magani, yana cikin abin da ke raba wanda ya san mutanensa da wanda ya haddace littafi.

Washegari a wanke tufafi da zannuwan gado da tawul da aka yi amfani da su a kwana ukun baya da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda a ajiye mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum. Ba sai an fesa wa ɗaki fiya-fiya ba.

Inda fametirin ya yi tsada ko babu shi, akwai ruwan benzil benzowet mai ƙarfin kashi 25, mai araha, wanda ake bari awa 24 a jiki. Yana aiki, amma yana da zafi, kuma ana sirka shi da ruwa rabi da rabi ga yara. Man farar wuta mai kashi 5 zuwa 10, dare uku a jere, shi ake komawa gare shi ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu, duk da warinsa. Ƙwayar ibamektin ta fi sauƙi idan ɗakin kwanan ɗalibai ko tsangaya guda ta kamu, ana auna ta da nauyin mutum a kuma maimaita, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Abu na ƙarshe da ta ja kunnen matar a kai shi ne ƙaiƙayin ba zai tafi da ƙwaron rana ɗaya ba. Zai iya kai mako biyu zuwa huɗu yana raguwa, tunda gawar ƙwaron da ƙwansa na cikin fata har sai ta saɓule da kanta. Wanda ba a gaya wa haka ba sai ya ɗauka magani bai ci ba, ya yi ta ƙara shafawa kullum, maganin ya koma cin fatarsa, a shiga sabon zagaye. Alamar cewa da gaske magani bai yi ba ita ce sababbin ramuka ko sababbin ƙuraje bayan mako biyu da shafi na biyu, kuma sau tari idan aka bincika za a tarar an bar mutum ɗaya a gida bai shafa ba, sau da yawa maigida.

Akwai abin da masu wannan gwaninta suka tsana, kuma ina tare da su: man nan mai haɗi uku da ake miƙo wa duk wanda ya ce ƙaiƙayi a kemis. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsa. Yana kwantar da ƙaiƙayin ƙazuwa na 'yan kwanaki, ya shafe kamannin ƙurajen har gwani ya sha wuyar ganewa, ƙwaron kuma ya samu sarari ya ninka. Ga alajin taɓawa, man haidirokotizon mai kashi 1 na 'yan kwanaki yana da amfani, amma bayan an tabbatar ba ƙazuwa ba ce, ba kuma makero ba.

Gwani kuma ya san inda iyakarsa take. Idan ƙuraje sun yi mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma, ƙwayoyin cuta sun shiga ta inda aka sosa, kuma ana buƙatar maganinsu daban. Yaron da fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya koma kalar shayi makonni kaɗan bayan irin wannan miki, ƙodarsa ce ta taɓu, a kai shi babban asibiti. Fata mai kauri da ɓawo kamar busasshen laka a hannu da ƙafa, musamman ga tsoho ko mai raunin garkuwa, ƙazuwa ce mai dubban ƙwari, tana yaɗuwa har ta tufafi, kuma aikin likita ce. Ƙurajen da suka zo da zazzaɓi da miki a baki ko ido bayan an fara shan sabon magani, irin su seftirin ko fansida, ba a kwana da su a gida, a tsayar da maganin a tafi asibiti a ranar.

Mai karatu, idan ƙaiƙayi ya kai ka asibiti, tafi da sabulun da man shafawar da duk maganin da ka sha ko ka shafa, a cikin kwalayensu. Ka tuna ranar da susa ta fara, ba ranar da ta yi tsanani ba. Kuma idan akwai wani mai susa a gida, ko da jariri ne, a tafi tare da shi.